Minti Ɗaya da Sanarwar Sabon Reshe

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin labarai na gidan rediyo, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin muryarsa a rediyon ba. Aikinsa fassara. Takarda za ta shigo da Turanci, ya zauna da ita a teburinsa na bakin taga, ta tashi da Hausa, wani mai zaƙin murya ya ɗauka ya shiga ya karanta. Mutane su tare mai karatun a hanya suna yaba masa iya Hausa, Baba kuwa yana gefe yana jiran mota, ko a jikinsa.

Da masinja ya fara. Shi ke kwaso takardu daga ofis zuwa ofis, yana karanta su a kan matakala. Wata rana mai fassara bai zo ba, edita ya rasa yadda zai yi, sai Baba ya ce a ba shi ya gwada. Tun daga ranar bai sake ɗaukar takardar kowa ba sai tasa.

A wurin aiki suna kiransa Minti Ɗaya. Dalili kuwa, duk tsawon takardar da aka kawo masa sai ya cire agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur, ya karanta fassararsa a bayyane yana kallon allurar sakan. In ta zagayo bai gama ba, sai ya ɗauki jan biro. Yakan ce duk maganar da ta wuce minti ɗaya, mai ita bai riga ya san abin da yake son faɗa ba. A gida ma haka yake. Faɗansa bai taɓa wuce minti ɗaya ba, sai dai minti ne da za ka kwana uku kana tunawa.

Bayan agogo akwai Innarmu. Ko da ya yi ritaya mutane ba su daina kawo masa takardu ba, daga masu makaranta sai 'yan ƙungiya sai wanda akuyarsa ta ɓata. In ya gama sai ya je ya tsaya a ƙofar kicin ya karanta mata sau ɗaya tak, ba tare da ya ce ta bar abin da take yi ba, don a cewarsa haka ake sauraron rediyo, hannu yana wani aiki. Sai ya yi mata tambaya uku: mene ne, ina ne, yaushe ne. In ta kasa amsa ɗaya, laifin takarda ne, ya koma tebur.

"Shekara talatin ina cin jarrabawa," in ji Inna, "ko takardar shaida ba a ba ni ba."

Yayata, wadda ita ce babbarmu, ta yi shekara takwas a bayan kanta tana sallamar masu saye a wani kamfanin gwajin ido da sayar da tabarau. Da kamfanin zai buɗe sabon reshe a ɓangarenmu na gari, sai aka ce ita za ta riƙe shi, amma na gwaji, wata shida. In ta yi abin kirki a tabbatar da ita, in ba ta yi ba ta koma kanta. Tun ranar Baba ya daina kiranta da komai sai Manaja.

Wata Laraba da la'asar, saura kwana takwas a buɗe, ta shigo gida da takarda shafi biyu. Na dawo daga shago ke nan ina cire takalmi.

"Baba, aiki na kawo maka. Daga hedkwata. Sun ce a mayar da ita Hausa a raba wa gidajen rediyo da jarida."

Ya sa tabarau ya karɓa. A can sama an rubuta kada a fitar kafin Litinin. Sai kanun labari mai layi uku, sai sakin layi bakwai, a ƙasa tarihin kamfanin da lambar wayar jami'ar hulɗa da jama'a. Baba ya karanta har ƙarshe, ya juya bayan takardar ya duba ko da saura.

"Manaja, me ya faru?"

"Ina?"

"A nan ciki. Na karanta ban ga abin da ya faru ba."

"Reshe za a buɗe mana, Baba."

"To ai ba su ce ba. Sun ce suna cike da farin ciki. Sun ce suna faɗaɗa sawunsu. Sun ce su ne kan gaba a duniya wajen samar da mafitar gani. Sai a sakin layi na uku na ji an ambaci reshe, shi ma a gurguje, kamar wanda ya yi abin kunya." Ya ɗaga murya wajen kicin. "Ke, kina ji? Wasu sun faɗaɗa sawunsu."

"Sai su sake takalmi," in ji Inna.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta zauna a hannun kujera ta yi masa bayani dalla-dalla. Wadda ta rubuta takardar wata ce a hedkwata, kowa Madam yake ce mata. Ba ta jin Hausa. Don haka dokarta ita ce, duk fassarar da aka yi sai an sake mayar da ita Turanci an aika mata, ta gwada da tata, ta sa hannu, sannan a fitar. Ba a cire mata komai, ba a ƙara mata komai.

"Don Allah Baba ka bi ta layi-layi. Sau ɗaya dai."

"In bi ta layi-layi ta je ina? Kin san ɗakin labarai? Takarda talatin ke zuwa wa edita kafin azahar. Layin farko kawai yake dubawa. In ya ga labari, ya ajiye a dama. In ya ga farin cikin wani kamfani, akwai kwando a ƙarƙashin tebur. Ni na sha kwashe kwandon nan, na san abin da ke ciki."

Ya sa yatsa a sakin layi na shida. "Ga labarinki nan an binne shi. Gwajin ido kyauta na mako guda. Me suke nufi da bisa sharuɗɗa?"

"Mutum hamsin na farko a kowace rana."

"Sai a ce hamsin. In ba a ce ba, na hamsin da ɗaya zai zage ki, ba Madam zai zaga ba. Wannan doguwar magana ta shugaban kamfani fa, yaushe ya yi ta?"

"Bai yi ba. Madam ce ke rubuta masa, shi ya sa hannu."

"Haba, shi ya sa. Na ce mutum ba zai yi wannan jimlar da numfashi ɗaya ya rayu ba."

Washegari da safe ya sa hula ya ce zai je ya ga wurin. Wannan ma dokarsa ce, ba ya fassara adireshin da ƙafarsa ba ta taka ba. Takardar ta ce fuloti na 14B, rukunin kasuwanci kashi na biyu. Da gangan ya ƙi tambayar Yaya. Ya tambayi mai tasi, ya tambayi mai sayar da jarida, ya tambayi ɗan sandan da ke ba da hannu, babu wanda ya taɓa jin kashi na ɗaya balle na biyu. Sai da ya gaji ya kira ta, ta kwatanta masa. Ashe bene ne a bayan tsohuwar tashar mota, a sama da wani shagon fenti. Daura da ƙofar benen kuma, a gindin wata bishiya, akwai wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana baza tabarau a kan tebur, kana gwadawa kana karanta guntuwar jarida har ka dace da naka. Kowa a yankin ya san teburin nan. A wurinsa ma Baba ya sayi wanda ke fuskarsa.

Da yamma ya zauna ya rubuta, ya ajiye agogo, ya soke, ya sake. Sannan ya je ƙofar kicin. Inna tana yanka albasa.

"Masu fama da ciwon ido ko raunin gani za su samu gwaji kyauta na tsawon mako guda, daga ranar Alhamis mai zuwa," ya fara. Ya faɗi sunan kamfanin, ya ce sabon reshe ne, ya ce mutum hamsin na farko kowace rana, daga ƙarfe tara na safe. "Reshen yana bayan tsohuwar tashar mota, a saman shagon fenti, daura da mai sayar da tabarau a tebur. Shugaban kamfanin ya ce sun buɗe shi ne don mutanen yankin su huta da doguwar tafiya neman gwajin ido."

Sakan hamsin da biyu. Inna ta amsa tambayoyinta uku ba ta ko ɗago ba, ta ƙara da cewa za ta gaya wa ƙanwarta.

Yaya ta karɓi takardar. Rabin shafi ce. Ta karanta, ta dafe kai.

"Baba, ina sakin layi uku na shugaba?"

"Ga su nan a jimla ɗaya. Duk abin da ya faɗa mai ma'ana yana ciki. Ban sa masa ko kalma a baki ba."

"Ina kan gaba a duniya?"

"Wa ya auna?"

"Kuma ka sa mai tebur. Baba, tabarau yake sayarwa. Kishiyar sana'armu ne. Kamfani ba ya ambatar kowa a takardarsa, balle shi."

"Ban yabe shi ba, na ce dai yana nan. Ko ba ya nan? Mutanen da kike nema ba su gani sosai, Manaja. Allon naku ɗan ƙarami ne, a sama. Teburin nan kuwa ko makaho ya san inda yake."

"In na aika wannan Madam za ta cinye ni ɗanya."

"Ki aika mata da dalilaina. Zan rubuta miki su, ɗaya bayan ɗaya."

"Ba ta karanta dalili. Gwadawa take yi."

"To ki nemi wani ya yi miki layi-layi, akwai su da yawa. Amma ba da birona ba."

Ya maida agogonsa, ya shiga ɗaki. Minti ɗayan ya cika.

Ni na san abin da Yaya ta yi daga nan, don a shagona aka yi shi. Ina da ɗan shagon buga takardu da ɗaukar hoto. Ranar Juma'a ta zo ta ce in ba ta kwamfuta. A ranta ta san ta Baba ce za ta shiga rediyo, ta kuma san ta Madam ce za ta samu sa hannu. Sai ta ɗauko Turancin Madam, ta ɗan sassauya shi, inda aka ce suna cike da farin ciki ta mayar suna matuƙar murna, ta kira shi fassarar abin da Baba ya rubuta. Saura matsala ɗaya. Dole a haɗa da Hausar, ita kuwa rabin shafi ce.

"Auta, ƙara girman rubutun nan."

Na ƙara.

"Ƙara. Buɗa tsakanin layukan. Matso da gefe-gefen ciki."

Sai da rabin shafin Baba ya cika shafi biyu, haruffa manya-manya kamar allon gwajin ido.

"Yaya, wannan fa…"

"Ka ga wani abu?"

"Ban gani ba."

"To ka zo ranar Alhamis a gwada ka kyauta."

Ta aika wa Madam, kafin a tashi aiki amsa ta zo. Madam ta sa hannu, ta ƙara da cewa ba ta taɓa ganin fassarar da ta bi asali sau da ƙafa irin wannan ba, a miƙa gaisuwarta ga mai fassarar. Yaya ta kai wa Baba rabin saƙon, wato an amince kuma ana gaishe shi. Baba ya ce ashe ya zalunci matar nan a ransa, akwai masu hankali a hedkwata. Yaya ta ce tana da aiki, ta fita.

Ranar Litinin aka raba takardar. Gidan rediyon da Baba ya yi aiki, editan yanzu ɗalibinsa ne, a hannunsa ya koyi riƙe jan biro. Ya ga layin farko ya gane hannun, bai taɓa ko wasali ba. Aka karanta ta cikin labaran gari na rana, aka maimaita da yamma. Wani gidan ma ya ɗauka. Jaridar mako ta buga ta a shafi na huɗu. Ranar Laraba har a layin famfo ana maganar.

Abin da ya faru a mota ranar Alhamis daga bakin direban kamfanin na ji shi, muna tsaye a inuwa bayan an watse. Shi ya ɗauko shugaban kamfani da Madam daga hedkwata tun da sassafe, za a yanke kirtani ƙarfe tara. Da suka shigo gari Madam ta karanta masa adireshi daga takardarta, ya sa a taswirar waya. Waya ta kai su wani fili da ake buga bulo. Suka juya. Ta kai su bayan wata makarantar firamare. Madam tana ta kiran Yaya, Yaya kuwa tana can tana fama da jama'a, waya na cikin jaka.

"Ni dai na kunna rediyo ƙasa-ƙasa don in ji sanyi," in ji direba. "Sai na ji an ce masu fama da ciwon ido. Na ce to, mu ne. Aka ce bayan tsohuwar tasha, daura da mai tebur. Na leƙa na tambayi wani mai facin taya ina mai tabarau a tebur, ya nuna min da baki. Minti biyar muka iso."

Shugaba ya tambaye shi yaya aka yi ya gane hanya. Ya ce rediyo ce ta faɗa. Madam ta ce me rediyon ta ce. Shi kuwa mutum ne mai son a san yana jin harsuna, sai ya zuba musu ita da Turanci tun daga farko har ƙarshe, har da mai tebur, har da abin da shugaba ya ce.

"Oga ya ce, ni na faɗi haka? Na ce haka suka ce ka ce. Ya ce, ai kuwa na yi magana mai kyau. Madam kuwa tana kujerar baya. Ta madubi na ga tana buɗe jaka tana ciro takarda."

Da suka iso, babu hanyar hawa. Tun ƙarfe bakwai tsofaffi suka cika matakalar benen, kowa da lambarsa a hannu, layi ya sauko ya bi gaban shagon fenti ya kai gindin bishiya. Mai tebur ya zama ɗan jagora ba wanda ya naɗa shi. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Sama za ka, Baba. In ba ka shiga cikin hamsin ba ka dawo, ina nan." Kafin ƙarfe tara ya sayar da rabin teburinsa.

Shugaba ya nufi matakala da kwat ɗinsa, wata tsohuwa ta tare shi da sanda.

"Ɗan nan, ka bi layi. Mu ma ido ne ya kawo mu."

Sai da Yaya ta sauko ta roƙi hanya. Aka yanke kirtani a tsaye a kan matakala ta ƙarshe, mai hoto yana ta cewa a matsa, ba wurin matsawa.

Mu muna ciki tun farko, ni da Baba da Inna, a kan kujerun baƙi. Baba ya sa rigarsa mai kyau. Bayan an lafa, Yaya ta kawo Madam ta gabatar da shi, murya can ƙasa. Madam doguwa ce mai fara'a, ba yadda na zata ba. Ta gaishe shi da ladabi, da Turanci suka yi maganar.

Ta ce ta zo ta ba shi haƙuri ne. Ya yi aiki mai kyau, 'yan rediyo sun lalata masa. Sun yanke maganar shugaba, sun cire matsayin kamfani, sun cusa wani mai tebur. Ta san editoci suna taɓa takarda, amma wannan ya wuce taɓawa. Yau ɗin nan za ta rubuta wa shugaban gidan rediyon ƙorafi a kan editan, ta kuma cire su daga jerin waɗanda kamfani ke ba talla. Ta miƙa masa takardar da ta sa wa hannu, don ya ga yadda aikinsa yake kafin a ɓata shi.

Baba ya karɓa. Ya karanta shafin farko, suna matuƙar murna, suna faɗaɗa sawu. Ya juya ya ga Hausarsa ta kumbura ta cika shafi biyu. Ya daɗe yana kallonta. Ya kalle ni, don ya san shagon da ke da irin wannan rubutun. Na kalli silin. Bai kalli Yaya ba sam. Ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga, a hankali, gilashi ɗaya bayan ɗaya.

Inna ba ta jin Turanci amma tana jin shirun mijinta. Ta taɓa ni. "Me aka yi?"

"Ana gaisawa ne, Inna."

"Wannan ba gaisuwa ba ce."

Ƙofa a buɗe take ga Yaya. In ta yi shiru, Baba ba zai tona 'yarsa a gaban shugabanninta ba, ta san haka. Laifi ya tafi kan edita, ita ta ci gaba da zama Manaja. Baba yana nan yana goge tabaran da ya riga ya fita tas.

"Madam," in ji ta, "ba su canza komai ba. Abin da aka karanta shi ne abin da ya rubuta. Turancin da na aiko miki ni na haɗa shi. Bai sani ba."

Madam ta kalle ta, ta kalli takardar, ta kalli manyan haruffan. Ina jin a lokacin ta gane dalilin girmansu. Ta ce za su yi magana a ofis. Suka shiga ɗan ɗakin manaja suka rufe ƙofa, ƙofar kuwa ta gilashi ce, duk muna gani. Madam tana magana tana ƙirga abubuwa da yatsu. Ta kai yatsa na huɗu ta koma na farko.

Baba ya mayar da tabaransa, ya tashi ya ƙwanƙwasa. Ya ce shi ba roƙo ya zo yi ba, abin da yarinyar ta yi ba daidai ba ne, kuma za ta ji daga gare shi a gida. Amma yana so a ba shi takarda da biro. A nan kan kantar tabarau ya tsaya ya mayar da Hausarsa Turanci, ta gaskiya, a gefen kowace jimla ya rubuta abin da ya cire da dalilin cirewa. Madam ta karanta. Ta yi gardama a kan mai tebur, ta ce da an ce daura da babbar bishiya. Baba ya ce bishiya huɗu ce a layin, ya ƙirga. Ta ce to kan gaba a duniya fa. Ya ce in ta kawo masa wanda ya auna zai mayar. Shugaba yana gefe yana cin biskit, ya ce shi dai a bar masa jimlarsa yadda take, yana so ya yi amfani da ita a taron gaba.

A gida Yaya ta sha minti ɗayanta. Ba zan maimaita shi ba. Abin da na riƙe shi ne ya ce ya yi shekara talatin da ɗaya mutane suna yarda da shi a kan abin da ba za su iya dubawa da kansu ba, wannan yardar ita ce duk abin da mai fassara ya mallaka. Ni ma na samu sakan goma a ƙarshe, a kan girman rubutu.

Daga nan sai jira. Madam ta ce al'amarin zai je gaban kwamiti. Mako biyu Yaya tana zuwa aiki tana dawowa ba ta cin abincin kirki. Reshe yana cika, amma ta ce cikar reshe daban, ƙarya ga hedkwata daban, ta ga an mayar da mutane kanta a kan abin da bai kai wannan ba. Inna ta daina yi mata wasa. Baba ya daina ce mata Manaja, ya rasa kuma abin da zai kira ta, sai ya koma cewa "ke".

Ranar wata Talata ta shigo da ambulan. Ta ce ta karanta sau uku a ofis, ta kasa gane ko korarta aka yi ko me. Shafi biyu ne cif. Akwai matuƙar damuwa a ciki, akwai saɓa ƙa'idojin sadarwa, akwai la'akari da kyakkyawan sakamako, akwai ba tare da tauye duk wani mataki na gaba ba. Ta miƙa wa Baba, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar lokacin da take 'yar makaranta.

Ya karanta a nitse. Ya koma sakin layi na biyar ya sake karantawa. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya.

"Malam, ka faɗa mana mana. Yarinya za ta suma."

Ya ninke takardar ya miƙa wa Yaya.

"Sun ce kada ki sake. Sun ƙara miki wata uku a kan gwajin. Gobe ki buɗe ƙarfe tara."

"Shi ke nan, Baba? Duk shafi biyun?"

"Akwai kuma inda suka ce suna cike da fatan alheri. Ki tashi ki ci abinci."